Baƙin Gashi Zuwa Ruwan Zoɓo: Yadda Ake Sauya Launin Gashi a Hoto

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan mai gyaran hoto a situdiyo ya ga wannan abin mamaki: ya ja wani ɗan ma'auni zuwa dama, nan take rigar da ke jikin mutum ta tashi daga ja ta koma kore. Mai kallo sai ya ɗauka haka gashi ma zai yi. Amma da zarar an gwada a kan gashi, ɗayan biyu ne ke faruwa. Ko dai fuskar mutumin ta rine tare da gashin, ya koma kamar an watsa masa shuni, ko kuma a yi ta jan ma'aunin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, gashin yana nan baƙi ƙirin, ko gezau. Kowace daga cikin matsalolin biyu tana da dalilinta, kuma dalilan ba su da wuyar ganewa.

Kayan aikin da ake magana a kai sunansa Hue/Saturation, yana cikin manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. Idan aka buɗe shi, ma'auni uku ake gani. Na farko, Hue, shi ke juya jinsin launi, yana tafiya daga -180 zuwa +180. Na biyu, Saturation, shi ke ƙara wa launi kauri ko ya kashe shi, daga -100 zuwa +100. Na uku, Lightness, yana tura komai wajen fari ko wajen baƙi. Lambobin na farkon sun samo asali ne daga yadda kwamfuta ke jera launuka a da'ira mai digiri 360: ja yana kan 0, rawaya 60, kore 120, shuɗi 240, daga nan a bi ta shunayya a sake dawowa ja. Jan Hue da 30 yana nufin kowane launi a hoton ya gusa da digiri 30 a wannan da'ira.

A nan matsalar farko take. Hoto a kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne, kowane ɗigo kuwa lambobi uku ne: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. A ɗauki ɗigo ɗaya daga gashi mai ruwan ƙasa, a ce ja 110, kore 70, shuɗi 40. A da'irar launi wannan yana faɗawa wajen digiri 26. Sai a ɗauki wani daga kumatun mutumin, a ce 150, 100, 70. Shi kuma yana wajen digiri 22 da rabi. Tazarar ba ta kai digiri huɗu ba. Ido yana ganin gashi daban, fata daban, amma a lissafin manhaja maƙwabta ne na ƙut da ƙut, domin sinadarin melanin ne ke ba su launi su duka biyun. Shi ya sa dabarar da ke aiki a kan tufafi, wato a zaɓi Reds ko Yellows kawai a cikin Hue/Saturation, ba ta raba gashi da fuska. Dole mutum ya nuna wa manhajar da hannunsa inda gashi ya tsaya.

Abin da ke yin wannan aiki shi ne Layer Mask, shamakin da ke manne da kowane gyaran launi. Mata sun san irinsa a lallen salatif: ana manna salatif a hannu bisa zanen da ake so, a shafa lalle a kai, idan an ɓare sai a ga inda aka rufe bai kama ba. Shamakin hoto haka yake, sai dai da fari da baƙi ake zana shi. Inda aka shafa fari, gyaran yana bayyana. Inda aka shafa baƙi, gyaran yana ɓuya, asalin hoton ya fito. Ya ɗara salatif da abu ɗaya: yana karɓar ruwan toka, wanda ke barin gyaran ya fito rabi-rabi. Kusan duk kyan aikin gashi a wannan ruwan tokar yake, saboda gashi ba shi da iyaka mai kaifi. A gefen kai, ɗigo ɗaya yakan ƙunshi rabin silin gashi da rabin bangon da ke bayansa.

Akwai hanyar da ya kamata a kauce mata tun farko. Danna Ctrl+U yana buɗe Hue/Saturation ɗin nan dai, amma a kan ainihin hoton yake aiki, ya canza lambobin ɗigon dindindin. Hanyar da ta dace ita ce Layer > New Adjustment Layer > Hue/Saturation. Wannan yana ɗora gyaran a sama a matsayin shimfiɗa mai zaman kanta, tare da shamakinta, hoton asali kuma yana ƙasa ba a taɓa shi ba. Photoshop ya samu irin wannan shimfiɗa tun a fitowa ta 4.0 a 1996, kuma ita ce ke ba mai gyara damar dawowa bayan mako guda ya ce jan ya yi yawa, ya rage shi ba tare da ya sake aikin daga tushe ba.

A ɗauki misali guda a bi shi daki-daki. Mai shagon gyaran gashi tana son hoton talla. Ta kawo hoton wata budurwa da ta amince a yi amfani da shi: kitso a gaban kai, sauran gashin a sake ta baya, baƙi ne, an ɗauka a gaban bango mai ruwan toka. Tana son gashin ya koma ja mai duhu, irin ruwan zoɓo.

Mai gyara zai fara da zaɓen gashin, launi sai daga baya. Yakan ɗauki Quick Selection Tool ya bi tsakiyar gashin sama-sama, ba tare da ya damu da gefe ba tukuna. Daga nan ya shiga Select and Mask, sashen da Adobe ya shigo da shi a 2016 a madadin tsohon Refine Edge. A ciki akwai Refine Edge Brush, buroshin da ake bi da shi a kan gefen da gashi ya haɗu da bango, manhajar kuma ta yi ƙoƙarin rarrabe sili da abin da ke bayansa. Da ƙaramin buroshi ake yi, kuma a gefe kawai. Idan aka kutsa da shi cikin tsakiyar gashi sai ya fara huda zaɓen, a samu wuraren da launi ba zai kama sosai ba. Idan an gama, a Output To sai a zaɓi Selection. Muddin zaɓen yana nan yana kewaye da gashin, da zarar an ƙirƙiri shimfiɗar Hue/Saturation, shi zai zama shamakinta kai tsaye: gashi fari, sauran hoton baƙi.

Yanzu sai matsala ta biyu ta taso. An ja Hue, shiru.

A duba lambobin ɗigo ɗaya daga baƙin gashin: ja 22, kore 20, shuɗi 19. Bambancin da ke tsakanin babba da ƙarami 3 ne kacal cikin 255, kuma wannan bambancin shi ne launi. Ma'aunin Hue juya launin da ya tarar yake yi, ba ya kawo sabo. Idan abin da ya tarar 3 ne, duk inda ya juya shi 3 ɗin ne, ido kuma ba ya ganinsa. Wanda ya yi fushi ya tura Saturation zuwa +100 zai ga wani abu ya fito, amma ba abin da yake so ba: dabbare-dabbaren kore da shunayya, wato dattin da kyamara ke bari a wurare masu duhu, yanzu an kambama shi. Yawancin darussan da ake nunawa da gashin Turawa mai ruwan zinariya ba sa cin karo da wannan, domin can akwai launi da haske da za a juya. Mai gyaran hoto a Kano ko Maraɗi kuwa kusan kullum baƙin gashi ne a gabansa.

Maganin rabin matsalar yana ƙasan ma'aunan, wani ɗan akwati mai suna Colorize. Idan aka danna shi, manhajar tana watsar da launin da ke wurin ta shimfiɗa guda ɗaya a madadinsa, tana barin hasken kowane ɗigo yadda yake. Lambobin ma suna canzawa: Hue ya koma daga 0 zuwa 360, Saturation daga 0 zuwa 100. Don ruwan zoɓo, Hue wajen 345 zuwa 350 ya yi, wato ja da ya ɗan karkata wajen shunayya, Saturation kuma tsakanin 25 da 35. Waɗannan mafari ne kawai, kowane hoto da nasa.

Amma ko da Colorize, sakamakon farko yakan ba da haushi. Wuraren da gashin ke sheƙi sun kama ja, jikin gashin kuwa yana nan baƙi. Dalili shi ne ɗigo mai duhu ba shi da filin ɗaukar launi. Wanda haskensa ke wajen 20, idan aka ba shi Saturation 30, tazarar lambobinsa za ta kai kamar 12 ne kawai. Idan da haskensa 60 ne, da tazarar ta kai kamar 36, ninki uku, wanda ido ke gani sarai. Masu rinin gashi na gaske sun san wannan: baƙin gashi sai an fara ɗisashe shi da sinadari kafin launi mai haske ya zauna. A kwamfuta ma haske ne ke gaba.

Hannu yakan tafi kan Lightness da sauri, tunda ga shi nan kusa. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya fi ɓata aikin masu koyo. Yana ɗaga komai tare, har da inuwar da ke tsakanin sili da sili, sai gashin ya yi fari-fari kamar ƙura ta lulluɓe shi, zurfinsa ya tafi. Abin da ya fi shi shi ne shimfiɗar Curves, a sa ta ƙarƙashin Hue/Saturation. A cikinta akwai layi da ya tashi daga kusurwar baƙi zuwa ta fari. Ana kama shi a sashen duhu a ɗaga sama, ta yadda ɗigon da ke kan 20 zai haura zuwa 50 ko 60, amma a bar ƙarshen layin a kan 0 domin inuwa mafi zurfi ta ci gaba da zama baƙa. Da haka gashin ke yin haske kuma ya riƙe kamanninsa.

Tunda shimfiɗun sun zama biyu, dukkansu suna buƙatar shamaki ɗaya. Ana iya riƙe Alt a jawo shamakin daga wannan zuwa waccan, ya kwafu. Amma sai ya zama duk gyaran da aka yi wa ɗaya dole a maimaita a ɗayan. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a haɗa su biyun cikin rukuni da Ctrl+G, a ja shamakin a ɗora wa rukunin. Daga nan wuri ɗaya ake gyarawa.

Kuma gyaran shamakin ne ke cinye lokaci. Saita launi ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, shamakin kuwa yana iya ɗaukar rabin awa. Mai gyara zai danna shamakin, ya ɗauki buroshi da B, ya danna D don samun fari da baƙi, sannan X don sauyawa tsakaninsu. Buroshin ya zama mai taushin baki, Flow ɗinsa ƙasa, kamar 10 zuwa 20 cikin ɗari, domin kowace shafa ta ƙara kaɗan. Sai ya zuƙo hoton zuwa 100% ya fara zagaye.

A hoton budurwar nan, wurin da ya fi tona asiri shi ne tsagar kitso. Tsakanin kowane layi da na kusa da shi fatar kai ce, kuma zaɓen farko kusan kullum yakan haɗa da ita. Idan aka bar ta, sai a ga jajayen layuka masu haske sun ratsa kan, domin fata ta fi gashin haske, don haka ta fi shi kama launi, ga kuma Curves ya ƙara ɗaga ta. Dole a bi kowace tsaga da siririn buroshi baƙi. Aiki ne na haƙuri, babu gajeriyar hanya.

Sai goshi da gefen kunne, inda gashi ke sirancewa ya zama ƙananan sili a kan fata. Idan shamakin ya yanke da kaifi a nan, gashin zai yi kama da hular da aka kifa. Idan kuma ya malala da yawa, goshin ya yi ja kamar ƙuna. Abin da ake so shi ne ruwan toka da ke dusashewa a hankali cikin ɗan siririn fili, a bar ƙananan silin ƙarshe kusan da baƙinsu. Gashin da aka rina da gaske ma yakan fi duhu a tushe, don haka ido yana karɓar hakan ba tare da tambaya ba.

Gefen waje shi ma yana da tarkonsa, kuma tarkon ya danganta da hanyar da aka bi. Wanda ya juya Hue kawai, bango mai ruwan toka yana yafe masa kuskure, tunda babu launin da za a juya a wurin. Wanda ya yi amfani da Colorize bai samu wannan sassauci ba: ruwan toka shi ne ya fi kowa kama launi, sai a ga wani jan hazo ya kewaye kan. Idan aka haɗa da hasken Curves, hazon har ƙyalli yake yi. Don ganin irin wannan ɓarna, a riƙe Alt a danna shamakin, zai bayyana shi kaɗai a fari da baƙi, duk inda fari ya tsallaka ya fito fili. Maɓallin \ kuma yana shimfiɗa shamakin a kan hoton da launin ja mai shara-shara. Wata dabarar ita ce a tura Saturation can sama na ɗan lokaci, a sa Hue a kan kore, launin da ba zai ɓuya a fata ba, a share duk inda ya fantsama, sannan a mayar da lambobin gaskiya.

Ko shamaki ya yi kyau, launi ɗaya tak daga goshi zuwa ƙeya yana nuna aikin kwamfuta ne. Sheƙin gashi hasken fitila ne ko na taga da ya dawo, saboda haka launinsa ya fi kusa da na hasken, ba na rinin ba. Ana rage jan da ke kansa ta hanyar danna shimfiɗar sau biyu a shiga Layer Style, a je Blend If, a layin Underlying Layer a riƙe Alt a raba farin ma'aunin gida biyu, a jawo rabi zuwa hagu har sheƙin ya fara komawa fari-fari. A ƙarshe a rage Opacity na rukunin zuwa 70 ko 80, asalin baƙin ya ɗan leƙo ta ƙasa. Gira kuwa a bar ta. Mai rina gashi ja ba kasafai take rina gira ba.

Furfura labarinta akasin wannan ne, kuma ya fi sauƙi. A ce dattijo ne ake so gemunsa ya fito kamar ya sa lalle. Colorize da Hue wajen 20 zuwa 25 zai ba da ruwan goro, amma silin da suka yi fari fat ba za su kama ba, domin ɗigon da ke dab da 255 shi ma ba shi da filin launi, kamar na dab da 0. A nan ne Lightness ke da amfani: a sauke shi zuwa -10 ko -20, farin ya ɗan yi duhu, launin ya samu wurin zama. Baƙaƙen silin da ke cikin gemun za su zauna kusan yadda suke, kuma hakan daidai ne, domin lallen gaske ma a furfura yake fitowa, a baƙin gashi da ƙyar ake ganinsa.

Akwai inda dabarar ke tsayawa. Baƙi zuwa ruwan zoɓo, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi mai duhu, duk suna yiwuwa. Baƙi zuwa ruwan zinariya kuwa da wuya ya gamsar, saboda sai an ɗaga ɗigo daga 20 zuwa kusan 180, kuma bayanan da ke cikin duhun ba su kai a miƙa su haka ba. Hoton JPEG matakai 256 kawai yake da su a kowane launi, baƙin gashi kuma yana cunkushe cikin talatin ko arba'in na ƙasa. Idan aka buɗa su da ƙarfi sai su tsattsage, a fara ganin ƙananan murabba'ai na ɗigo takwas-takwas da JPEG ke matse hoto da su. Inda kyamara ta rubuta 0, 0, 0 kuwa babu sili ko ɗaya da za a fito da shi. Fayil ɗin RAW, wanda yawancin kyamarori ke ajiyewa da bit 12 ko 14, ya fi jure wannan ja nesa ba kusa ba. Hoton da ya biyo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, shi ya sa masu gyara ke cewa a turo musu a matsayin fayil. Kafin a karɓi aiki, a ɗaga Curves sosai na daƙiƙa biyu a duba: idan silin gashi sun bayyana, akwai abin yi, idan dunƙulen baƙi ne da dabbare, gara a nemi wani hoton. Hoton fasfo da na katin shaida kuma ba a yi musu irin wannan gyara sam.

Wanda ba shi da Photoshop bai rasa hanya ba. Photopea, wanda Ivan Kutskir ya rubuta, yana aiki kyauta a cikin burauza, kuma yana da shimfiɗar Hue/Saturation da shamaki kusan a wuraren da aka saba. A GIMP tsohuwar hanyar ita ce a kwafi hoton zuwa shimfiɗa ta biyu, a canza launin kwafin gaba ɗaya, a sa masa baƙin shamaki, sannan a shafa fari a kan gashi.

Tunda hoton mai shagon allon talla za a buga, saura mataki ɗaya. Tawadar injin bugawa ba ta kai fuskar kwamfuta kaurin launi ba, ja mai karkata wajen shunayya kuma yakan fito a dushe, wani lokaci ya yi duhu har ya kusa komawa baƙin da aka gudo daga gare shi. Ctrl+Y yana nuna kwatankwacin yadda zai fito a bugu. Idan ya dushe, sai a koma Curves a ƙara ɗan haske maimakon a ƙara Saturation. Daga nan a ajiye aikin a PSD domin shimfiɗu da shamaki su zauna, a fitar da kwafi daban don mai bugawa, a kuma roƙe shi ya buga ƙaramin gwaji na sashen kan kafin ya saki babban allon.